Yadda ƙaramin kamfani zai amsa tambayar hukumar haraji kan kuɗin da yake tura wa uwar kamfani a ƙasar waje

Wasiƙar ba ta cika tsawo ba. Hukumar haraji ta duba bayanan kuɗin da kamfaninku ya miƙa, ta ga duk shekara kuna tura wasu kuɗi zuwa wani kamfani a ƙasar waje wanda yake da hannun jari a naku, ko wanda mai shi ɗaya ne da naku, sai ta rubuto tana neman bayani: mene ne aka yi muku da har kuka biya, ina yarjejeniya, kuma ta yaya aka yanke farashin? Ta kuma sa wa'adin amsa.

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Duk dalar da kuka rubuta a matsayin kuɗin da kuka kashe tana rage ribar da za a ɗora wa haraji a ƙasarku, ta koma riba a wata ƙasa. Da da bare kuke ciniki, ba wanda zai damu, domin kowa zai ja wa aljihunsa. Amma tsakanin uwa da reshe babu mai taya wani, kuɗin daga wannan aljihu zuwa wancan ne kawai. Saboda haka ƙa'idar da galibin ƙasashen duniya suka ɗauka ita ce a auna cinikin 'yan gida ɗaya da ma'aunin bare: me kamfani mai zaman kansa zai yarda ya biya wani kamfani mai zaman kansa a kan irin wannan aiki, a cikin irin wannan hali? Ƙa'idar tana cikin sashe na 9 na samfurin yarjejeniyar haraji ta OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, haka kuma a samfurin Majalisar Ɗinkin Duniya. OECD ta fitar da littafin jagorarta a kan wannan a 1995, ta yi ta sabunta shi har zuwa bugun 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fitar da nata don ƙasashe masu tasowa tun 2013. Dokar ƙasarku ita ce ke hukunci, amma da wuya ka ga jami'in harajin da bai yi karatu da ɗaya daga cikin littattafan nan ba.

Zan tsaya a kan nau'in biya guda ɗaya, wato kuɗin hidima ko kuɗin gudanarwa da reshe ke biyan uwar kamfani. Shi ne ya fi yawa a ƙananan kamfanoni, shi ne kuma ya fi sauƙin rushewa a hannun mai bincike, domin kaya ana ganinsu a sito, bashi ana ganinsa a banki, amma hidima da zarar an yi ta ta wuce, sai dai abin da aka ajiye na shaida.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya

Ka fara da karanta wasiƙar da biro a hannu. Ka fitar da abubuwa huɗu: shekarun da ake tambaya a kansu, sashen dokar da aka dogara da shi, jerin takardun da ake nema, da ranar ƙarshe ta amsa. Neman bayani daban ne da sanarwar ƙarin haraji, kuma kowanne da wa'adinsa da irin amsarsa. Idan ka ga takardun ba za su haɗu cikin lokacin ba, musamman da yake rabinsu suna hannun uwar kamfani, ka rubuta neman ƙarin lokaci tun a makon farko, ka faɗi dalili, ka ambaci ranar da za ka kawo. Alkawarin baki a waya ba ya shiga fayil. A yawancin ƙasashe, wanda ya yi shiru har wa'adi ya wuce ya ba hukuma damar ta yanke masa haraji bisa ƙiyasinta, sannan nauyin warware ƙiyasin ya koma kansa.

Sai ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da hukuma. Ba a so manaja ya faɗi wani abu, akanta ya faɗi wani, uwar kamfani kuma ta aiko da na uku.

Abu na gaba shi ne daidaita lissafi, kuma nan ne ake fara faɗuwa tun kafin a zo batun farashi. Ka jera kowane biya na kowace shekara: ranar da aka rubuto takardar neman biya, adadin da ke kanta, canjin kuɗin da aka yi amfani da shi, ranar da banki ya tura, da harajin da aka cire tun daga tushe idan dokarku ta wajabta. Jimlar ta yi daidai a wurare huɗu: littafin akanta, bayanan kuɗi da odita ya sa wa hannu, takardar harajin da kuka cike, da bayanan banki. Idan akwai bambanci, ka gano musabbabinsa da kanka, ko canjin kuɗi ne, ko biyan da ya tsallaka shekara, ka rubuta shi a amsar. Jami'in da ya tsinci bambancin da ba ka ambata ba zai daina yarda da sauran shafukanka.

Misalin da za mu bi

A ɗauka akwai wani kamfani mai ma'aikata 40 da ke shigo da injinan ban ruwa daga uwar kamfaninsa yana sayarwa. Alƙaluman duka na misali ne. A shekarar da ake bincike ya yi cinikin dala miliyan 4. Yarjejeniyarsa da uwar kamfani shafi biyu ce, ta ce zai riƙa biyan kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa a matsayin kuɗin gudanarwa da taimakon fasaha, wato dala 240,000. Bayan an cire wannan da sauran kashe-kashe, ribar aikinsa ta tsaya a dala 80,000, kashi 2 cikin ɗari na ciniki.

Ka kalli hoton da idon jami'i. Kuɗin hidima ya ninka ribar sau uku. An ɗaure shi da ciniki, ba da aikin da aka yi ba, ma'ana idan ciniki ya ninka gobe kuɗin zai ninka ko da uwar kamfani ba ta ƙara ɗaga yatsa ba. Takardar neman biya kuma layi ɗaya ce, "kuɗin gudanarwa na wata uku". Kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai ya isa jawo wasiƙa.

Tambayoyin jami'in uku ne, kuma a jere suke. An yi aikin da gaske? Kun amfana da shi har da za ku iya biyan bare ko ku ɗauki ma'aikaci ya yi muku? Sai ta uku, farashin ya dace? Kuskuren da na fi gani shi ne kamfani ya tsallake biyun farko ya ruga ya sayi rahoton ƙwararru mai kauri da ke nuna cewa ribar da uwar kamfani ta ɗora ta yi daidai da ta kasuwa. Rahoton ba zai yi amfani ba idan ba a tabbatar an yi aikin ba, domin aikin da ba a yi ba farashinsa sifiri ne, komai kyawun lissafi.

Shaidar cewa an yi aikin

Yarjejeniya tana nuna niyya ce kawai. Takardar neman biya tana nuna an nemi kuɗi, takardar banki kuma an biya. Babu ɗaya cikinsu da ke nuna wani ya zauna ya yi aiki. Abin da ke nuna hakan shi ne sawun da aikin ya bari a lokacin da aka yi shi.

Ka raba kuɗin nan na dunƙule zuwa ayyukan da ke cikinsa, ka bi kowanne. A misalinmu, da aka zauna da ma'aikata aka tambaye su me uwar kamfani ke yi musu a zahiri, abubuwa huɗu suka fito: manhajar lissafi da kula da sito wadda hedikwata ke biya wa lasisi kuma take gyarawa, taimako a harkar ma'aikata, taimako a harkar kuɗi da shari'a, da wani injiniya da ya zo ya horar da masu gyara.

Ga manhaja, shaidar tana da sauƙi: jerin sunayen masu shiga, takardar lasisi daga kamfanin da ya sayar, da rajistar ƙorafe-ƙorafen da ma'aikatanku suka tura da ranar da aka warware kowanne. Ga injiniya, akwai tikitin jirgi, hatimin shiga ƙasa, rasit ɗin masauki, takardar halartar horo da sa hannun mahalarta, da rahoton da ya bari. Taimakon kuɗi da shari'a ya fi wahala, domin yawancinsa ta imel da waya ake yi. A nan sai ka zaɓo misalai na gaske daga kowane kwata na shekara: kwangilar dillali da lauyan hedikwata ya gyara, da kwafin kafin gyara da na bayan gyara, tsarin kasafin kuɗi da suka gina muku, wasiƙun da suka yi ta kai da kawo kan wani bashi da ya maƙale. Misalai goma sha biyu da aka jera aka yi wa kowanne bayanin layi biyu sun fi kwali cike da imel da ba a tantance ba. Tarin takarda marar tsari yana sa jami'i ya ɗauka ana so a gajiyar da shi ne, kuma a cikin tarin ne yakan tsinci abin da ba ku lura da shi ba.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: ƙirƙirar takarda a sa mata tsohuwar rana. Idan babu rubutacciyar yarjejeniya a shekarar, ka faɗi haka, ka nuna abin da ɓangarorin biyu suka yi a aikace, domin jagorar OECD kanta ta ce inda rubutu ya yi karo da aiki ko babu rubutun, halayyar ɓangarorin ake dubawa. Rashin yarjejeniya rauni ne da ake iya jinya. Takardar jabu kuwa tana mayar da gardamar farashi ta koma tuhumar zamba, kuma fayil ɗin kwamfuta yana ɗauke da ranar da aka ƙirƙire shi. Za ka iya rubuta bayani yau a kan abin da ya faru a baya, ka sa masa ranar yau.

Abin da ba naku ba ne ku biya

Yanzu ka nemi uwar kamfani ta ba ka rabe-raben kuɗin da hedikwata ta kashe, sashe sashe. Sau da yawa nan ake jan ƙafa, domin hedikwata ba ta saba buɗe wa ƙaramin reshe littafinta ba. Ka fahimtar da su cewa idan ba wannan takarda, duka kuɗin na iya faɗuwa.

A misalinmu hedikwata ta kashe dala miliyan 1.5 a shekarar: 400,000 a manhaja da kwamfuta, 300,000 a sashen ma'aikata, 400,000 a sashen kuɗi da shari'a, sai wata 400,000 a tarukan hukumar daraktocin uwar kamfani, haɗa bayanan kuɗin rukunin gaba ɗaya, oditan uwar kamfani, da hulɗa da masu hannun jari.

Wannan kaso na ƙarshe ba ya hawa kan reshe ko kaɗan. Aiki ne da uwar kamfani ke yi domin ita ce mai dukiya, tana sa ido a kan jarinta, tana cika dokar ƙasarta. Gwajin mai sauƙi ne: da kamfaninku na wani ne daban, zai biya kuɗin taron daraktocin wannan kamfani? Ba zai biya ba. Irin wannan ne ziyarar babban darakta da ya zo duba yadda jari ke tafiya. Idan kuwa ya zo ne ya zauna mako biyu ya sake muku tsarin rarraba kaya, wannan wani abu ne daban, sai dai dole ka nuna abin da ya bari.

Na biyu shi ne aikin da aka maimaita. Da aka duba kuɗin sashen ma'aikata, sai aka ga kashi ɗaya cikin uku nasa na shirya albashi ne, alhali kamfanin yana biyan wani ofishin akanta a gida da ke shirya masa albashi duk wata. Ba mai hankalin da zai biya mutum biyu aiki ɗaya, don haka wannan ma ya fita. Ba kowane kamanceceniya ce maimaitawa ba. Kuna iya samun akanta a gida da ke rubuta lissafin yau da kullum, hedikwata kuma ta gina muku tsarin kasafi, waɗannan ayyuka biyu ne. Amma kai ne za ka bayyana bambancin, da takardar aikin akantan naku a gefe guda da abin da hedikwata ta yi a ɗaya gefen.

Na uku shi ne amfanin da ya zo muku don kawai kuna cikin rukunin. Idan banki ya sassauta muku saboda sunan uwar kamfani, ba tare da ita ta tsaya muku da wani lamuni a rubuce ba, ba hidima aka yi muku ba, kuma ba a cajin kuɗi a kai.

Rabon kuɗi da ribar da ake ɗorawa

Abin da ya rage sai a raba shi tsakanin rassan da suka amfana, da ma'aunin da ya dace da kowane aiki. Kuɗin manhaja ana raba shi da yawan masu amfani da ita: ku 30 ne cikin 200, kashi 15 cikin ɗari na 400,000, wato 60,000. Kuɗin sashen ma'aikata da yawan ma'aikata: 40 cikin 400, kashi 10 cikin ɗari na 200,000 da suka rage bayan cire albashi, wato 20,000. Kuɗi da shari'a, da yake babu rajistar sa'o'in aiki, an raba da ciniki: miliyan 4 cikin miliyan 40, wato 40,000. Jimla 120,000.

Ka lura da abu biyu a nan. Ma'aunin ya kasance iri ɗaya ga dukkan rassa kuma bai canza daga shekara zuwa shekara ba sai da dalili. Sannan ita ma uwar kamfani, idan tana da nata cinikin da ke amfani da manhajar, tana cikin masu ɗaukar kaso. Jami'i mai wayo yakan tambayi jimlar kason da aka raba wa kowa, don ya ga ko ta wuce ɗari bisa ɗari.

Mai yin hidima ba ya yi a kan asalin kuɗinsa kawai, yana ɗora riba. Ga irin waɗannan ayyukan tallafi, OECD ta kawo hanya mai sauƙi a garambawul ɗin da ta yi a 2015, wadda ke cikin babi na 7 na jagorarta: ayyukan da ba su ne ainihin sana'ar rukunin ba, ba sa buƙatar wata fasaha ta musamman da rukunin ya mallaka, kuma ba sa ɗauke da babban haɗari, ana ɗora musu kashi 5 cikin ɗari ba tare da an je neman kamfanonin kwatance ba. Lissafin kuɗi, harkar ma'aikata, kula da kwamfuta da aikin lauya na yau da kullum suna ciki. Bincike da ƙirƙira, sarrafa kaya, talla da sayarwa, da aikin manyan shugabannin kamfani ba sa ciki. Ba kowace ƙasa ce ta karɓi wannan hanya ba, wasu kuma sun sa iyaka a kan yawan kuɗin hidimar da za a iya cirewa daga riba, don haka ka duba dokarku kafin ka dogara da ita. A misalinmu mu ɗauka an karɓa: kashi 5 na 120,000 shi ne 6,000, jimla 126,000.

Injiniyan daban ake lissafa shi, domin ku kaɗai ya yi wa aiki, kuma aikinsa ya shafi ainihin sana'ar. Ya yi kwana 40, kuma idan aka haɗa albashinsa da alawus da sauran abin da ake kashewa a kansa, kowace rana tana cin dala 750, wato 30,000. A ɗauka binciken kamfanonin horo masu zaman kansu ya nuna ribar kashi 10 cikin ɗari a kan abin da suka kashe tana cikin abin da aka saba, sai ya zama 33,000. Jirgi da masauki 10,000, waɗannan ana mayar da su yadda suke ba tare da riba ba, tunda uwar kamfani biya kawai ta yi a madadinku. Idan akwai wani dillali bare da uwar kamfani ta taɓa tura wa wannan injiniya ta caje shi, wannan farashin ya fi duk wani bincike ƙarfi, ka nemo shi tun farko.

Jimlar abin da za a iya karewa ke nan: 126,000 da 43,000, dala 169,000. An biya 240,000. Akwai giɓin 71,000 da babu abin da ke riƙe da shi.

Duba ta wata fuska: ribar da ta rage muku

Jami'ai da yawa ba sa tsayawa a kan kuɗin hidima kaɗai. Sukan ce, mu bar rabe-rabe, mu ga ribar da kamfanin ya tashi da ita idan aka kwatanta da dillalai masu zaman kansu da ke irin sana'arsa. Wannan ita ce hanyar da aka fi amfani da ita cikin hanyoyi biyar da jagorar ta amince da su, kuma gara ka gwada ta da kanka kafin a gwada maka.

Ana tattaro kamfanoni masu kama da naku daga rumbun bayanan kasuwanci, a jera ribarsu daga ƙarama zuwa babba, a zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na sama, a riƙe na tsakiya. A ɗauka abin da ya rage ya kama daga kashi 3 zuwa kashi 6 cikin ɗari na ciniki, tsakiyarsa 4.5. Kamfaninmu yana kashi 2, ya faɗo ƙasa da iyaka. A ƙasashe da dama, wanda ya faɗo waje ba gefen iyaka ake mayar da shi ba, tsakiya ake kai shi. Kashi 4.5 na miliyan 4 shi ne 180,000, wato a ƙara 100,000 a kan ribar da kuka bayyana. Idan kuwa aka cire giɓin 71,000 ɗin nan daga kashe-kashe, ribar ta koma 151,000, kusan kashi 3.8, ta shiga cikin iyaka. Hanyoyin biyu sun nuna waje ɗaya, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a teburin tattaunawa.

Idan ribarku ta yi ƙasa ne saboda wani dalili na gaskiya, kamar faɗuwar darajar kuɗi, ko shekarar farko ta buɗe sabon reshe, ko gobara a sito, ka fitar da adadinsa ka nuna ribar da za a samu ba da shi ba. Cewa "kasuwa ta yi wuya" ba tare da lamba ba, ba ya motsa kowa.

Shawarar da ta fi wuya

Yanzu kun san abin da jami'i bai sani ba tukuna: 169,000 na da ƙafa, 71,000 ba su da ita. A ɗauka harajin kamfani kashi 30 ne cikin ɗari. Idan aka soke kuɗin duka, ƙarin harajin ya kai 72,000. Idan aka kai ku tsakiyar iyaka, 30,000. Idan giɓin kaɗai aka cire, 21,300. A kan kowanne akwai kuɗin ruwa na jinkiri, wataƙila da tara, kuma a ninka da yawan shekarun da hukuma ke da ikon sake dubawa.

Ra'ayina shi ne kada a kare abin da ba zai karu ba. Kamfanin da ya nace cewa kowace dala cikin 240,000 halas ce, alhali kuɗin taron daraktocin uwa na ciki, yana jefa 169,000 ɗin ma cikin shakka. Amma kada a yi gaggawar rubuta amincewa. Ku zauna da mai ba ku shawara kan haraji tukuna, domin dokoki da yawa suna rage tara ga wanda ya gyara takardarsa da kansa, kuma ragin yakan danganta da lokacin da aka yi gyaran da kuma sigar da aka bi. Ku kuma sanar da uwar kamfani kafin wasiƙar ta fita, domin abin ya shafe ta ta hanyoyi biyu.

Ta farko, ta riga ta biya haraji a ƙasarta a kan 240,000 ɗin duka. Idan ƙasarku ta ɗora haraji a kan 71,000, kuɗi ɗaya ya sha haraji sau biyu. Inda akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu, sakin layi na 2 na sashe na 9 ya tanadi ɗaya ƙasar ta rage nata daidai da haka idan ta yarda gyaran ya dace, sashe na 25 kuma ya ba da damar a nemi hukumomin biyu su zauna su sasanta. A samfurin OECD wa'adin shigar da wannan buƙata shekara uku ne daga sanarwar farko, amma ka duba ainihin yarjejeniyarku. Ga ƙaramin adadi, kuɗin lauyoyi na iya fin harajin da ake nema a dawo da shi, sai a auna.

Ta biyu, 71,000 ɗin suna hannun uwar kamfani har yanzu. Wasu ƙasashe sukan ɗauke su a matsayin ribar hannun jari da aka raba a ɓoye, su nemi harajin da ake cirewa a kanta, wasu kuma su ɗauke su bashi ne da ya kamata ya haifi ruwa. A wasu wuraren mayar da kuɗin cikin wani wa'adi yana kawar da wannan. Ka tambaya tun kafin a rufe magana, kada ya zo muku daga baya.

Rubuta amsar

Wasiƙar kanta kada ta wuce 'yan shafuka. Ka bi lambobin tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, kowace amsa ta nuna lambar takardar da ke bayanta. Ka fara da sakin layi da ke bayyana sana'arku da wanda ya mallaki wa, da kason hannun jari. Sai wa ke yin me tsakaninku da uwar kamfani: wa ke yanke farashin sayarwa, wa ke ɗaukar asara idan kaya suka lalace ko mai saye ya ƙi biya, wa ya mallaki tambarin. Sai jadawalin biya da aka daidaita, sai kowace hidima da shaidarta da amfaninta, sai lissafin rabo, sai gwajin riba. Idan dokarku ta wajabta ajiye kundin bayanin farashi, irin wanda OECD ta tsara a 2015 mai fayil na rukuni da fayil na reshe, ka haɗa da shi. Rahoton da ke nuna riba da harajin rukuni a kowace ƙasa daban na manyan rukunoni ne masu cinikin da ya kai yuro miliyan 750 a shekara, bai shafi yawancin ƙananan kamfanoni ba. Ko da ƙanƙantarku ta sa an ɗauke muku wajibcin kundi, ba a cika ɗauke wajibcin farashi ya dace ba.

Ka amsa abin da aka tambaya, cikakke kuma gaskiya, ka tsaya nan. Kalmomi irin su "ko da yaushe" da "ba mu taɓa" suna da haɗari, imel ɗaya ya isa ƙaryata su. Takardun da ke cikin wani harshe a fassara su. Ka riƙe kwafin duk abin da ka miƙa da shaidar an karɓa.

Bayan wasiƙa, sau da yawa jami'ai sukan zo su yi hira da ma'aikata. Za su tambayi mai kula da sito wa yake kira idan manhaja ta tsaya, su tambayi akanta yaushe rabonsa da magana da hedikwata. Kada ku haddace wa kowa amsa, ana ganewa. Abin da ya kamata shi ne tun kafin a rubuta wasiƙar an riga an ji daga bakin waɗannan mutane, ta yadda abin da ke rubuce shi ne abin da suka sani. Wanda bai san amsa ba ya ce bai sani ba, ya nuna wanda ya sani. Bayan kowane zama, ku rubuta taƙaitaccen abin da aka tattauna ku aika wa hukumar a ranar.

Idan duk da haka aka aiko da sanarwar ƙarin haraji da ba ku yarda da ita ba, wa'adin ƙin amincewa gajere ne kuma ba a cika ɗaga shi ba. Ka shigar da ƙorafin a rubuce cikin lokaci ko da ana ci gaba da tattaunawa, ka kawo dalilai a kan kowane adadi daban, ka kuma duba ko doka ta ce sai an biya wani kaso kafin a saurare ku.

Shekarar da ake ciki kuma ba ta rufe ba, ita ce kaɗai za ku iya gyarawa ba tare da tara ba. Ku soke tsarin kashi 6 na ciniki, ku rubuta sabuwar yarjejeniya mai ranar yau da ta lissafa hidimomi ɗaya bayan ɗaya, da ma'aunin rabon kowanne, da ribar da za a ɗora. A riƙa biya bisa kasafi a cikin shekara, a daidaita da ainihin abin da aka kashe kafin a rufe littafi. Kowace takardar neman biya ta zo da rabe-rabenta, kuma wani ma'aikaci ɗaya ya riƙa zuba shaidar aiki a fayil duk ƙarshen wata, tun imel ɗin bai ɓace ba kuma wanda ya yi aikin bai bar kamfanin ba.